Jawabin kyaftin a hutun rabin lokaci idan ana bin ƙungiya ƙwallo biyu

Dokar ƙwallon ƙafa ta ba 'yan wasa hutun da bai wuce minti 15 ba tsakanin zubin farko da na biyu. Ga ƙungiyar da ke kan gaba, lokaci ne na shan ruwa da miƙe ƙafa. Ga wadda ake bi ƙwallo biyu kuwa, ko ci 2 da nema ko ci 3 da 1, wannan hutu shi ne karo ɗaya tak a duk wasan da mutum goma sha ɗaya za su zauna wuri guda su ji magana guda. A cikin fili ihun 'yan kallo da faɗin filin ba sa barin magana ta wuce mutum biyu ko uku. Mai horarwa ne ke da babban kaso na wannan zama, amma akwai ɗan guntun lokaci da ke faɗowa hannun kyaftin, kuma abin da ya yi da shi yakan bayyana a mintunan farko bayan an dawo.

Ikon kyaftin bai kai yadda 'yan kallo suke zato ba. Kundin dokokin wasa na hukumar IFAB ya bayyana cewa kyaftin ba shi da wani matsayi na musamman ko gata, sai dai akwai nauyi a kansa game da ɗabi'ar 'yan ƙungiyarsa. Ba ya canza ɗan wasa, ba ya sauya tsarin da koci ya shimfiɗa. Abin da yake da shi wanda koci ba shi da shi abu biyu ne. Da shi aka sha wahalar zubin farko, saboda haka ya san wanda numfashinsa ya fara sarƙewa da wanda ƙafarsa ta fara rawa idan ƙwallo ta zo masa. Kuma da shi za a koma fili, inda duk abin da ya faɗa da baki za a zuba ido a ga ko zai yi shi da ƙafa. Koci yana cewa "ku yi", kyaftin yana cewa "mu yi", kuma 'yan wasa suna jin bambancin.

Mintin 15 ɗin nan ba duka ne na magana ba. Tun daga busar alƙalin wasa agogo ke tafiya, kuma fita daga fili zuwa ɗakin sauya kaya yana cin nasa. Mintuna biyu ko uku na farko bayan an zauna ba sa ɗaukar jawabi, domin mutumin da zuciyarsa ke bugawa da ƙarfi, ransa kuma a ɓace, kunnensa a toshe yake. A lokacin ne ake shan ruwa, likita yana duba wanda ya ji rauni, koci kuma yakan tsaya gefe yana shawara da mataimakansa. Sai koci ya yi nasa bayani. A ƙarshe dole a bar 'yan mintuna na motsa jiki, saboda tsoka takan huce idan aka zauna, kuma ɗan wasan da ya koma fili da sanyin jiki yakan yi nauyi a gudun farko. Abin da ya rage wa kyaftin bai fi minti ɗaya ko biyu ba. A wasannin unguwa da ake hutu a gindin bishiya da ruwan leda a hannu ma haka lissafin yake, sai dai can 'yan kallo sukan kewaye 'yan wasa kowa da tasa shawarar, har aikin kyaftin na farko ya zama janye mutanensa gefe.

Bashin ƙwallo biyu yana da halinsa dabam. Idan ɗaya ake bin ƙungiya, babu buƙatar sauya komai, a ci gaba da wasa kawai. Idan uku ne, yawanci maganar ta koma ta kare mutunci. Biyu kuwa tana tsakiya: ƙwallo ɗaya tak za ta mayar da wasan ɗanye, ta jefa tsoro a zukatan waɗanda ke kan gaba, amma ƙwallo ɗaya da za a ƙara zura wa ƙungiyar za ta kusan rufe maganar. Don haka ƙungiyar tana buƙatar abu biyu masu jan juna a lokaci ɗaya. Dole ta matsa gaba, kuma dole kada ta buɗe bayanta. Jawabin da ya kama ɗaya ya saki ɗayan ya gaza, komai daɗinsa a kunne.

Wasan da ya fi nuna wannan hali a fili ga mai kallo a Najeriya shi ne na kusa da na ƙarshe a gasar Olamfik ta 1996, wanda aka buga ranar 31 ga Yuli a filin Sanford da ke garin Athens na jihar Jojiya a Amurka. Najeriya, ƙarƙashin koci Jo Bonfrere, ta haɗu da Brazil ta Mario Zagallo, mai ɗauke da Ronaldo da Bebeto da Roberto Carlos da gola Dida. Brazil ta riga ta doke Najeriya da ci 1 da nema a wasan rukuni na wannan gasa. Ba a yi minti biyu da take wasa ba Flavio Conceicao ya zura ta farko daga bugun tazara. A minti na 20 Celestine Babayaro ya bugo ƙwallo daga gefen hagu, Roberto Carlos ya ci gida, aka koma kunnen doki. Sai Bebeto ya ci a minti na 28, Conceicao ya ƙara a minti na 38, aka tafi hutu Brazil na da 3, Najeriya na da 1. Mai ɗaure da kambun kyaftin a daren shi ne Nwankwo Kanu, wanda washegari ne zai cika shekara 20, alhali a cikin ƙungiyar akwai waɗanda suka girme shi a shekaru da gogewa, irin su Uche Okechukwu da Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike, ga kuma Tijjani Babangida da Sunday Oliseh da Jay-Jay Okocha.

A ɗaki irin wannan, abin da ya fi kusa da faruwa shi ne nuna wa juna yatsa. Gola ya ɗora wa 'yan baya, 'yan baya su ce 'yan tsakiya ba sa dawowa, 'yan gaba su ce ƙwallo ba ta iso su. Kowa yana da ɗan gaskiyarsa, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa da kanta, kuma tana iya cinye rabin hutun. Aikin kyaftin na farko shi ne kashe ta tun kafin ta kama, kuma hanya mafi sauri ita ce ya fara da kansa: ya ambaci abu ɗaya takamaimai da shi bai yi daidai ba, sannan ya rufe babin. Idan babba ya ɗauki nasa kason laifi a gaban kowa, ƙarami ba shi da sauran dalilin kare kansa. Wanda kuskurensa ya jawo ƙwallo kuwa ba a tsawata masa a cikin taro. Ya riga ya san abin da ya yi, kuma idan aka ƙara masa nauyi zai koma fili yana gudun ƙwallo, ƙungiya ta zama kamar tana wasa da mutum goma. Irin wannan ana dafa kafaɗarsa ne a hanyar fita, a gaya masa cewa ƙwallon farko da aka samu shi za a ba.

Aiki na biyu shi ne faɗin abin da ya jawo ƙwallayen da sunansa. A nan ake gane kyaftin da ya karanci wasa da wanda ihu kawai ya iya. "Ba mu da zuciya" ba bayani ba ne, domin babu wanda zai san abin da zai gyara da shi. Bayani shi ne a ce ƙwallayen biyu duk daga kwana suka zo kuma mutum ɗaya ne ya ci su da ka, ko a ce duk sanda ɗan bayan dama ya hau gaba ana jefa ƙwallo a gurbin da ya bari. Wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 1998 misali ne a sarari. Brazil, da Dunga a matsayin kyaftin, ta tafi hutu Faransa na bin ta 2 da nema, kuma ƙwallayen biyu Zinedine Zidane ne ya ci su da ka daga bugun kwana, ɗaya a minti na 27, ɗayar gab da busar hutu. Ciwo irin wannan yana da magani mai suna: wane ne zai riƙe wane idan an zo bugun kwana. Kyaftin ba ya kawo sabon tsari a nan, kuma babban kuskure ne ya faɗi abin da ya saɓa wa na koci, domin 'yan wasa za su koma fili da umarni biyu. Yana ɗaukar abu ɗaya ko biyu daga cikin bayanin koci, ya mayar da su magana ta mutum da mutum.

Aiki na uku, wanda shi ne zuciyar jawabin, shi ne rage bashin a idon 'yan wasa. Wanda ya koma fili da tunanin ƙwallo biyu zai nemi biyansu a hari ɗaya, kuma babu harin da ke haifar da biyu. Daga nan ake fara buga ƙwallo daga nesa ba dalili, kowa yana son ya yanke mutum uku shi kaɗai, 'yan baya suna dogon bugu ba tare da duba wanda zai karɓa ba. Kyaftin mai hankali yakan cire lambar biyu daga bakinsa gaba ɗaya, ya yi maganar ƙwallo ta gaba kawai. Lissafin yana tare da shi. Minti 45 da ƙarin lokacin da alƙali zai bayar sun ishi cin ƙwallo biyu ba tare da gaggawa ba, kuma da zarar an farke ɗaya, nauyin yakan koma kan waɗanda ke gaba, su fara ja da baya suna kallon agogo. A gasar cin kofin duniya ta 2010 Amurka ta je hutu Sulobeniya na bin ta 2 da nema, Landon Donovan ya farke ɗaya a minti na 48, Michael Bradley ya cike ta biyu a minti na 82, aka tashi 2 da 2.

Sai dai akwai tarko a nan da kyaftin da yawa ke faɗawa. Sukan ce dole a ci a cikin minti goma na farko, in ba haka ba an gama. Wannan magana tana ɗora wa ƙungiya wa'adin da ba dole ba ne, kuma idan wa'adin ya wuce babu ƙwallo, gwiwa takan yi sanyi alhali saura fiye da rabin sa'a. Wasan 1996 ya nuna illar irin wannan tunani ƙarara. Najeriya ta dawo daga hutu tana matsa lamba, har ta samu bugun fanareti, Okocha ya buga, Dida ya tare. Da ƙungiyar ta ɗaura begenta duka a kan cin ƙwallo da wuri, a nan wasan zai mutu. Aka ci gaba da ci 3 da 1 har minti na 78, wato an shafe fiye da rabin sa'a na zubi na biyu ba abin da ya motsa a allo, kuma dare ya yi nisa a Najeriya har wasu masu kallo sun haƙura sun kwanta. A lokacin ne Victor Ikpeba, wanda ya shigo daga benci, ya buga ƙwallo daga bakin da'irar gola ta shige. Don haka jawabi mai kyau yakan tanadi wurin ɓacin rana tun a ɗaki. Yana gaya wa 'yan wasa cewa ko an kai minti na 75 ba a ci ba, tsarin bai canza ba, kuma idan an ɓarar da dama, wanda ya ɓarar shi za a fara ɗagawa.

Ɗaya ɓangaren, na tsare baya, shi ne wanda zafin zuciya ke sa a manta. Idan ƙungiya ta matsa gaba, sai an san sunayen waɗanda ba za su haye ba ko da ƙwallo tana gaban ragar abokan karawa. Yawanci 'yan baya biyu na tsakiya ne da ɗan tsakiya mai tare hari, kuma 'yan bayan gefe ba sa hawa tare, idan na dama ya tafi na hagu ya tsaya. Haka ma lokacin bugun kwana, dole a bar mutum biyu ko uku a baya. Yadda wasan 1998 ya ƙare ya nuna abin da ake gudu. An kori Marcel Desailly na Faransa da jan kati a minti na 68, Brazil ta yi ta kai hari a kan mutum goma ba ta ci ba, kuma a ƙarin lokaci, daga kwanar da Brazil ɗin ce ta buga, Faransa ta kwaso ƙwallo da gudu, Patrick Vieira ya miƙa wa Emmanuel Petit ya ci ta uku. A minti na 90 irin wannan kasada dole ce. A minti na 50 kuwa ganganci ne, kuma kyaftin ne ke cikin fili da zai hana ta. A nan ne kuma yake tuna wa masu katin gargaɗi su kiyaye ƙafarsu da bakinsu, ya ce maganar alƙalin wasa a bar masa, domin ƙungiyar da ake bi biyu ba ta da halin rasa mutum.

Idan aka haɗa waɗannan, jawabin ba ya da tsawo. A ƙungiyar da ke magana da Hausa, kyaftin zai iya miƙewa bayan koci ya gama ya ce: "'Yan'uwa, ku saurare ni. Ta farkon nan ni na saki mutumina, na ɗauka, magana ta wuce. Duk biyun ta gefen dama suka shigo, don haka mai lamba 2, kada ka hau sai mai lamba 6 ya rufe maka. Guda ɗaya muke nema, ita kaɗai, ko yanzu ta zo ko saura minti goma. Kada kowa ya yi wa alƙali magana, ni zan yi. Gola, muna jin muryarka daga baya. Ku tashi mu je." Wannan bai kai minti ɗaya ba, kuma babu jimla a cikinsa da ba ta gaya wa wani abin da zai yi ba.

Murya ma tana da nata hukunci, kuma ta dogara ne da yadda aka ci ƙungiyar. Idan sakaci ne, ana tafiya a fili maimakon gudu, ana barin abokan karawa suna riga kowa zuwa ƙwallo, to ɗaga murya ya halatta, har ma ya wajaba. Idan kuwa ƙungiyar tana iya ƙoƙarinta ne amma tsoro ya kama ta, ihu zai ƙara rikita ta, abin da take buƙata shi ne ta ga mutum ɗaya da hankalinsa ke kwance. Ana gane bambancin tun daga shigowa ɗaki. Waɗanda ke gardama da jifa da kwalaben ruwa suna da sauran wuta, sai dai a juya ta inda ya dace. Waɗanda suka zauna shiru kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa su ne abin damuwa, kuma su ake kira da suna ɗaya bayan ɗaya har su ɗago.

'Yan benci ma suna cikin masu sauraro. A 1996 canji uku kawai doka ta yarda da shi. Yanzu a manyan gasa ana canza mutum biyar a dama uku, kuma canjin da aka yi a lokacin hutu ba ya shiga lissafin damar ukun, shi ya sa koci da ake bi biyu kan yi canji a daidai wannan lokaci. Wanda aka cire yana jin an ɗora masa laifin duka, wanda aka sa kuma yana shiga wasan da ya riga ya yi zafi. Kalma ɗaya daga kyaftin ga kowannensu tana da amfani, musamman ga mai shigowa, wanda ke buƙatar a gaya masa wane ɗan baya ne ya gaji a cikin abokan karawa.

Sauran wasan na Athens ya tafi kamar yadda lissafin ƙwallo ta gaba ya nuna. Bayan ƙwallon Ikpeba, Brazil ta koma tsaron abin da ke hannunta, Zagallo ya cire Ronaldo saura 'yan mintuna a tashi. A minti na 90 Okocha ya yi doguwar jifa cikin da'irar gola, ƙwallo ta faɗo gaban Kanu yana juya wa raga baya, ya ɗaga ta sama kaɗan, ya juya ya tura ta ta wuce Dida. A ƙarin lokaci, a minti na 94, ƙwallo ta bugi bayan Ikpeba ta dawo wa Kanu, ya kauce wa ɗan baya ya buga da ƙafar hagu. A lokacin ana amfani da dokar ƙwallon zinare, wadda aka soke a 2004, saboda haka wasan ya ƙare nan take da ci 4 da 3. Ranar 3 ga Agusta Najeriya ta doke Ajantina 3 da 2 ta ɗauki lambar zinare.

Jawabi yana da iyaka, kuma kuskure ne a ɗora masa abin da ba nasa ba. Ba ya mayar da ƙarfin ƙafar da ta gaji, ba ya gyara tsarin da abokan karawa suka riga suka gano lagonsa, kuma yawancin ƙungiyoyin da ake bi biyu a hutu rashin nasara suke yi, ko me aka faɗa a ɗaki. Labarin jawaban da suka yi aiki ne kawai ke yaɗuwa, na waɗanda aka yi aka kuma sha kashi ba mai ba da shi. Ba kullum ne ma mai kambu ke yin maganar ba, kuma kyaftin da ya san kansa ba ya jin haushin hakan. A wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar, Ajantina na bin Faransa 2 da nema a hutu, koci Didier Deschamps ya riga ya cire Olivier Giroud da Ousmane Dembele tun a minti na 41. Kyaftin ɗin Faransa gola Hugo Lloris ne, amma hoton bidiyon ɗakin da aka nuna daga baya ya nuna Kylian Mbappe, mai shekara 23 a lokacin, a tsaye yana yi wa 'yan'uwansa magana. Faransa ba ta ci ba sai a minti na 80, da fanaretin Mbappe, ya ƙara ta biyu a minti na 81. An tashi 3 da 3 bayan ƙarin lokaci, Ajantina ta ɗauki kofin a bugun fanareti da ci 4 da 2.